Abin da Baffa Ya Yanke a Bande

Motar Rijiyar Tamu ta ƙi tashi ranar Talata da safe, a gindin bishiyar bedi ta ƙofar mai gari, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi mutanen garin sun gama yanke wa Faruku hukunci.

Motar ta gari ce. 'Yan ci-rani da ke Libiya da Legas suka haɗa hannu suka saye ta shekara huɗu da suka wuce, tsohuwa daga Kwatano, don a riƙa kai marasa lafiya gidan likita a Magarya. Aka kafa kwamiti, aka ba Baffa shugabanci saboda shekarunsa da kuma 'ya'yansa biyu da ke cikin masu sayen. Faruku aka ɗauka direba, domin ya yi shekara goma sha biyu yana jan motocin kasuwa a Mallawa ba tare da ya taɓa kifar da kowa ba. Da makulli ɗaya motar ta zo, mai baƙin kan roba.

Tun a shekarar farko Baffa ya kai makullin kasuwar Magarya aka yanko masa irinsa. Sabon ƙarfen ya buɗe ƙofa, ya shiga ramin kontak, inda ake tayar da mota, ya juya. Inji ya yi ta gurnani bai kama ba, wata 'yar fitila mai siffar makulli tana ƙyafce-ƙyafce a gaban sitiyari. Da Faruku ya sa tsohon makullin, murɗa ɗaya ta tashi. Ya yi musu bayani a lokacin, a taƙaice kamar yadda ya saba, amma ba wanda ya riƙe bayanin. Abin da aka riƙe shi ne raha, wai motar ta san mijinta. Shekara uku ana faɗa ana dariya.

A bazarar bana kan makullin ya tsage biyu a hannunsa. Faruku ya durƙusa cikin yashi ya yi ta lalube har ya samo abin da yake nema, wata baƙar ƙwaya da ba ta kai rabin wake ba. Masu gyara suna ce mata pus. Ba ta da batir. A bakin ramin makulli akwai wani zobe na waya a ɓoye, shi ke tayar da ita ya tambayi lambarta. In ta amsa daidai, ƙwaƙwalwar mota ta saki mai da wuta. In ba ta kusa, fitilar makulli ta yi ta ƙyafce, a murɗa har batir ya ƙare ba za ta tashi ba.

Ya gaya wa kwamiti cewa makulli ya lalace, a je Damagaram a yi sabo. Baffa ya ce tun da mota na tashi a bari sai kaka. Faruku ya liƙa ƙwayar da gam a jikin zoben, zafi ya narkar da gam ɗin cikin kwana uku. Matarsa Ƙande 'yar dukawan Yekuwa ce, ta tashi da basilla a hannu. Ita ta ɗinke ƙwayar cikin guntuwar jar fata, ta yi mata igiya, shi kuma ya ɗaure ta tam a wuyan kontak, ƙarƙashin murfin robar da ya riga ya fashe. Bai gaya wa kowa ba. Daga ranar duk wanda ke da ƙarfen da aka yanka daidai zai iya tayar da motar, ga iyakar ƙasa kusa inda ake tsallakewa da motar sata, kuma Faruku ya san yadda magana ke yawo a teburin mai shayi.

Ranar Litinin aka dawo daga Magarya, an kai wata tsohuwa da aka kwantar. A motar akwai Baffa da ɗan ƙanensa Khalil, magidanci da ya dawo daga Aljeriya da farmin tuƙi, wato lasisi, amma ba shi da motar da zai ja. Batir ya yi sanyi a 'yan kwanakin nan, don haka da suka tsaya a Bande Faruku ya bar injin na aiki ya shiga masallaci yin la'asar. Wayar Khalil ta faɗi ƙarƙashin kujera. Ya sunkuya ɗaukowa, idonsa ya faɗa kan jar fata mai kusurwa huɗu, ɗinkin hannu, a ɗaure a inda ba a gani.

Da Faruku ya fito, Khalil na zaune a kujerar direba. Baffa na tsaye a bakin kwalta da wuƙarsa ta aljihu a hannu ɗaya, fatar na reto a ɗaya hannun, mutane sun fara taruwa. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce yau ya gane yadda aka yi mota ta san mijinta. Ya ce ga shi an yanke laya kuma inji na aiki lafiya, asiri ya karye, Faruku ya shiga baya a tafi gida.

Faruku ya dubi fatar, ya dubi mutanen Bande da ke kallonsa. Ya ce abin da ke ciki na makulli ne, ba na malam ba. Wani mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe ya yi dariya. Dariyar nan ce ta rufe masa baki daga ƙarin bayani.

"To, ku tafi," in ji shi. "Amma kada ku kashe ta a hanya. In kun kashe ta, ba za ta sake tashi ba."

Bai shiga bayan motar ba. A ƙasa ya tako har Rijiyar Tamu, tsakanin gonakin gero da suka fara fitar da kai. Motar ta riga shi isa lafiya, domin ƙwaƙwalwar mota a lokacin tayarwa kaɗai take tambayar ƙwaya, in inji ya kama ba ta ƙara nema. Khalil ya shiga gari da hon, ya kashe ta a gindin bedi.

Washegari da ta ƙi tashi, maganar da Faruku ya faɗa a Bande ta zama shaida. Mutum goma sun ji ya ce ba za ta sake tashi ba, kuma ga ta nan a tsaye. Khalil ya ce batir ne, aka ciro na injin niƙa aka jona. Inji ya juya da ƙarfi, bai kama ba. Aka tara samari suka tura ta har bakin rijiya suka dawo da ita, ta yi ta gurnani tana tsayawa. Aka gwada makullin Baffa, aka gwada ƙarfen tsohon makullin da Faruku ya bari a jiki. Fitilar nan dai ba ta daina ƙyafce ba.

Mai gari ya aika a kira shi. Faruku ya zo da fartanya a kafaɗa, ya cire takalmi, ya yi gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma. Baffa ya yi magana mai tsawo. Ya ce amana aka ba mutum ya ɗaure dukiyar jama'a don kada kowa ya ci abinci da ita sai shi. Ya ce ba Faruku kaɗai ba ne, domin duk wanda ya ga ɗinkin ya san hannun da ya yi shi. Ya ce an miƙa layar ga liman, Malam Abdulhamid, kuma ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci za a ƙone ta a gaban kowa.

Faruku ya sake faɗin abin da ke cikin fatar, wannan karon dalla-dalla, da zoben da ƙwayar da fitilar. Suka saurare shi kamar yadda ake sauraron mai rantsuwa a gaban alƙali. Baffa ya tambaya, in gaskiya ne, me ya hana shi faɗa wa kwamiti. Faruku ya ce tsoron ɓarayi. Baffa ya juya ga jama'a ya ce to sun ji, su ne ɓarayin.

"Ranka ya daɗe," in ji Faruku ga mai gari, "in an ƙone ta, motar aka ƙone. Ni dai na faɗa."

Aka rubuta wannan ma a cikin barazanarsa.

A gida Ƙande ta riga ta ji. Matan da suka ba ta ɗinkin jakar fata da gyaran guga sun aiko an karɓe kayansu, wata ma ba ta bari an gama ba. A rijiya an matsa mata wuri fiye da yadda take bukata. Ta zuba masa ruwa a buta tana faɗa, ta ce ubanta ya ɗinka layu fiye da dubu a Yekuwa kuma ba wanda ya taɓa ƙin cin tuwon gidansu, sai yau da ta ɗinke abin Turawa aka ce ita mai asiri ce. Ta ce in da asiri take yi, da bakin matar Baffa za ta fara ɗaurewa, ba mota ba.

Ranar Laraba aka yi ruwa, sauro ya ƙaru, zazzaɓi ya kwantar da wani dattijo a unguwar gabas. Faruku ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya kai shi Bande, inda ake samun motar Magarya. Iyalan dattijon sun yi jinkiri kafin su yarda a ɗora shi, amma ba su da wani amalanken a kusa. A hanya ba wanda ya yi masa magana sai a kan ramuka.

A Bande ya biya ta garejin Mohamman, makanikin da ya san motar tun zuwanta. Mohamman ya saurara yana goge hannu, ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya, sannan ya daina da ya ga fuskar Faruku. Ya ce zai iya zuwa gobe ya gaya musu. Faruku ya ce in ya zo gobe za a ce abokinsa ne ya sayo. Ya ce ya zo Jumma'a, ya yi salla a garinsu, kuma ya taho da gwangwanin nan da yake zuba matattun makullai.

Ranar Alhamis bayan la'asar Khalil ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya zo da saƙon kwamiti, yana magana yana kallon ƙasa. Wai an ga halin da marasa lafiya ke ciki. Wai in Faruku ya yarda ya zo a ɓoye ya warware abin da ya ɗaura, za a bar maganar, ba za a kai ta ga jandarma ba, kuma za a ce batir ne ya mutu. Tuƙi dai ya wuce shi, amma zai zauna a gari lafiya.

Faruku na gyara igiyar shanu, bai ajiye ta ba. Ya tambayi Khalil ko a Aljeriya bai taɓa ganin makulli mai ƙwaya ba. Khalil ya ce manyan motocin yashi ya ja, tsofaffi, waɗanda ko da waya ake tayar da su. Sannan ya ce shi dai saƙo aka ba shi.

"Ka gaya wa Baffa a gaban mutanen Bande ya kira ni mai asiri, a gaban mai gari ya kira matata. Ba zan taɓa motar nan a ɓoye ba, ko da za ta ruɓe a gindin bedi."

Ƙande daga bayan danga ta ƙara da cewa a gaya wa matar Baffa gugan da ta karɓe bai gama ɗinkuwa ba, kada ta zarge ta in ya tsinke a rijiya.

Da Khalil ya tafi, Faruku ya daɗe a zaune. Ya san irin kasadar da ya yi. In liman ya saurari Baffa ya jefa fatar a wuta kafin a buɗe, ba sauran shaida. Motar za ta bukaci a ɗauke ta a kan wata motar zuwa Damagaram, kowa zai ce asirin ne ya ci ta, kuma sunan zai bi 'yarsa Nasiba har ɗakin mijinta. Duk da haka bai je wurin liman ba. In an gan shi a zauren malam, za a ce musanyawa ya je yi.

Ranar Jumma'a masallacin ya cika fiye da kullum, har mutanen ƙauyukan kewaye. Bayan an sallame jama'a suka gangaro gindin bedi. Motar na nan da kashin tsuntsaye a gilashinta. An kawo kasko da garwashi an ajiye a gaban tabarmar mai gari. Mata sun tsaya daga nesa a bakin danga, Ƙande a gabansu, ita kaɗai, da tazara tsakaninta da ta kusa da ita.

Malam Abdulhamid tsoho ne mai jinkirin magana. Ya fito da fatar daga aljihun rigarsa, a naɗe cikin takarda. Baffa ya ce a yi bisimilla a jefa. Faruku ya miƙe daga bakin tabarma ya tako ya tsaya tsakanin liman da kasko, hannayensa biyu a bayansa inda kowa ke gani.

"Allah gafarta malam, ba zan taɓa ta ba, ba zan taɓa motar ba. Roƙo ɗaya nake yi. Laya rubutu ce. A buɗe a karanta wa jama'a abin da na rubuta, sannan a ƙone."

Baffa ya ce ba a buɗe irin wannan, abin da ke ciki yana iya faɗa wa wanda ya buɗe. Liman ya juya fatar a tafin hannunsa. Ya ce ya kwana uku da ita a aljihu kuma ba abin da ya same shi sai tarin da ya saba. Ya ce a addini ba a hukunta mutum da abin da ba a gani ba. Ya nemi reza. Ɗinkin Ƙande ya ba shi wuya, ya ɗauki lokaci yana tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya, wani daga baya ya ce ko ba komai matar ta iya aiki.

Babu takarda a ciki, babu gashi, babu saiwa. Baƙar ƙwaya ce ta faɗo kan farar takardar, mai gefe ɗaya a sheƙe. Liman ya kusanto da ita idonsa ya ce akwai ƙananan lambobi na boko a jiki, shi bai iya karanta su ba.

Faruku ya ce Baffa ya ɗauke ta da hannunsa ya manna a bakin ramin makulli, Khalil ya murɗa. Shi kuma ya ja da baya har jikin bangon masallaci ya zauna. Baffa ya yi ta jan lokaci, sai da mai gari ya ce ya yi. Ya ɗauki ƙwayar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama, ya sunkuya ta ƙofar direba, babbar rigarsa na jan ƙasa. Khalil ya murɗa rabi. Fitilar makulli ta kama, ta mutu, ba ta ƙyafta ba. Ya ƙarasa murɗawa, inji ya kama.

Ba wanda ya yi tafi. Faruku daga inda yake ya ce a kashe, Baffa ya matsa taku uku, a sake gwadawa. Aka yi. Fitilar ta koma ƙyafce, inji ya yi gurnani ya ƙi.

Baffa ya miƙe, ya ɗaga ƙwayar sama, fuskarsa ta washe. Ya ce alhamdu lillahi, ai abin da yake faɗa ke nan tun Litinin. Da abin nan mota na tashi, babu shi ba ta tashi. Wane irin ɗauri ake nema da ya wuce wannan? Kawuna da yawa suka gyaɗa. Faruku ya ga yadda maganar ke komawa inda ta fito, kuma bai yi mamaki ba. Ya ɗaga hannu ya kira Mohamman.

Makanikin ya ratso jama'a da gwangwanin madara a hammata, ya juye shi a gaban liman. Matattun makullai ne sun fi ashirin, na motocin da suka yi hatsari da waɗanda aka wargaza aka sayar da kayansu. Ya ce shi ba zai zaɓa ba, malam ya zaɓa. Liman ya tsamo ɗaya mai kan roba. Mohamman ya sa bakin sukundireba ya ɓare kan. A wani ɗan lungu a ciki ga baƙar ƙwaya kwance, girma ɗaya da ta hannun Baffa, gefe ɗaya a sheƙe. Mai gari ya zaɓi na biyu, aka sami irinta. Na uku da wani manomi ya zaɓa, 'yar kwalba ce siririya kamar ƙwayar shinkafa, Mohamman ya ce aikinsu ɗaya, kamfani ne daban. Ya ce in asiri ne, to duk alhazan Magarya da asiri suke yawo a aljihu, har da motar da ke kai mahajjata filin jirgi.

Khalil ne ya ce a gwada ɗaya daga cikin na gwangwanin. Aka manna, aka murɗa, fitila ta yi ta ƙyafce. Mohamman ya ce kowace mota tata ta sani, tun daga inda aka ƙera ta aka haɗa su, kafin Faruku ya san akwai ta a duniya. Ya ce wadda ke hannun Baffa ita kaɗai ce ta motar nan a duk ƙasar, ya dubi kaskon garwashi. Baffa ya dunƙule hannunsa a kan ƙwayar ya matsa daga kusa da wutar.

Mai gari ya yi gyaran murya. Ya ce an gode wa Allah da gaskiya ta fito, an yi kuskure, Faruku ya karɓi makullinsa, matarsa ta sake ɗinke abin, a wuce wurin. Khalil ya zaro ƙarfen makullin ya miƙo. Faruku bai ɗaga hannu ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi kuskuren?"

Mai gari ya ce jama'a ne baki ɗaya. Faruku ya ce jama'a ba su da wuƙar aljihu. Ya ce a nan aka ambaci sunansa da hannun matarsa, a nan yake so ya ji an wanke su, da bakin da ya faɗa. In ba haka ba ga Khalil nan da farminsa, shi yana da gona.

Idanu suka koma kan shugaban kwamiti. Baffa ya fi saba'in, kuma ba a taɓa jin ya janye magana a bainar jama'a ba. Ya dubi mai gari, mai gari na kallon carbinsa. Ya dubi liman, liman ya ce a hankali wanda ya ɗora wa musulmi abin da bai yi ba ya san abin da ke kansa. Baffa ya ce shi don kare dukiyar jama'a ya yi. Faruku ya jira. Baffa ya ce duk wanda ya ga fatar nan haka zai zata. Faruku ya ci gaba da jira.

"Ni na yi kuskure," in ji Baffa. "Faruku bai ɗaure mota ba."

Daga bakin danga muryar Ƙande ta taso, ba ta yi ƙarfi ba amma ta iso. Ta ce ba ta ji sashenta ba.

Baffa ya ce matar Faruku ma ba ta da laifi. Wasu daga cikin matan suka yi dariya, wata ta matso ta tsaya kusa da ita. Ba kowa ya gamsu ba. Wani tsoho ya tashi yana cewa Turawa ma ai suna da nasu asirin, ya kama hanyar gida.

Faruku ya karɓi ƙarfen. Amma ya ce ba za a sake ɗinke komai ba, matarsa ta gama yi wa motar gari aiki. Yanzu kowa daga nan har Bande ya san sirrin motar, don haka ba za a bar ƙwayar a jikinta ba ko na kwana ɗaya. Gobe za a je Damagaram a sa ta cikin sabon kan makulli, a haɗa wa motar makulli na biyu da na'ura, ba sai kaka ba. Kafin nan ƙwayar ta zauna a hannun shugaban kwamiti, tun da shi ne mai kare dukiyar jama'a, kuma shi zai raka ta. Mai gari ya ce wannan daidai ne, da saurin mutumin da ke son a tashi.

Ranar Asabar da sassafe Baffa ya fito da ƙwayar a ƙulle cikin bakin rawaninsa. Ya kwance, ya sunkuya ta ƙofar direba ya manna, Faruku ya murɗa, suka kama hanya, Khalil a baya. Batir ɗin injin niƙa ne har yanzu a jiki, ba a fargabar tayarwa. 

A Bande, daidai gaban masallacin, inda masu isansi ke jera kwalabensu, Faruku ya sauka gefen hanya ya kashe injin. Baffa ya tambaye shi me ya faru. Ya ce ba komai, shayi zai sha. Ya sauka ya zauna a benci, ya gaisa da kowa da sunansa, ya sha shayinsa a hankali har mutane suka taru suna tambayar yadda aka ƙare. Bai ba su labari ba, ya ce su tsaya su gani.

Ya koma ya zauna a kujerarsa, ya sa makulli, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Baffa na zaune yana kallon gaba. Mai sayar da isansin nan ya matso har jikin taga.

"Baffa," in ji Faruku, "muna jiranka."

Tsohon ya dubi mutanen Bande da suka kewaye motar. Sannan ya kai hannu ya fara kwance bakin rawaninsa.